Bes ɗin ƙarami ne amma Zaitsev bai fito ba, ina na kuskure?

Ummi_Kem200:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min, kwana biyu kenan abin nan yana cin raina. Abin da na riƙe a riyakshon ɗin cirewa na E2 shi ne in bes ƙarami ne kamar NaOEt to alkin mai rassa da yawa ke rinjaye wato Zaitsev, in kuma bes ƙato ne kamar KOtBu sai a samu mai ƙarancin rassa wato Hofmann. Da wannan nake amsa komai kuma yana tafiya daidai. To a tes aka ba mu mentil kulorayid da NaOEt, na ce ai wannan ƙaramin bes ne, na zana dabul bond ɗin tsakanin C3 da C4 wajen da aisofurofil yake, wato 3-mentin, rassa uku cif. Aka soke min gaba ɗaya, aka rubuta min kalma ɗaya da jan biro a gefe, "kujera". Wai amsar ita ce 2-mentin shi kaɗai, ko ɗigon wancan babu. To dokar ƙarya ce kenan ko kuwa ni ce ban fahimta ba?

Sadiq_Mol:
Wa alaikumus salam. Anya ba malamin ne ya yi kuskure ba? Etoksayid Zaitsev yake bayarwa ko da yaushe, haka muka karanta. Ki koma masa da takardarki.

Abba_Nura07:
Ai wannan mai sauƙi ne, haidurojin yana zuwa kan kabon ɗin da ya riga ya fi yawan haidurojin, shi kenan.

Hauwa_Lab:
@Abba_Nura07 wannan Markovnikov ka kawo mana ɗan'uwa, shi ana ƙara HBr ne a kan alkin, mu nan cirewa ake yi. Amma ba laifinka ba ne sosai, mutane da yawa suna haɗa su, su biyun ma duk a Kazan suke kuma duk ɗaliban Butlerov ne. Ta Zaitsev ta fito a 1875 kuma cewa take haidurojin yana fita ne daga kabon ɗin da ya fi ƙarancin haidurojin.
@Sadiq_Mol kar ka tura ta ta je ta ji kunya, malamin yana da gaskiya.

Malam_Tijjani:
Ummi, dokarki ba ƙarya ba ce, kawai dai kin yi tambaya ta biyu kafin ta farko. Girman bes yana zaɓa ne tsakanin haidurojin ɗin da za a iya cirewa. Kafin a kai nan sai an fara tambaya, waɗanne ne ma za a iya cirewa ɗin? A E2 komai lokaci guda yake faruwa, bes yana jan H, C–Cl yana tsinkewa, dabul bond yana haɗuwa. Ilektoron ɗin da ke cikin C–H su ne za su zube cikin obital ɗin da babu kowa a bayan C–Cl, kuma ba za su iya ba sai in H da Cl suna kan layi guda suna kallon ɓangarori kishiyoyi, kusurwa 180° in kika leƙa ta zanen Newman. Wannan ne ake kira anti-ferifilana.

A sarƙa miƙaƙƙiya ba kya jin wannan sharaɗin saboda bond ɗin C–C yana juyawa yadda ya ga dama, kowane H zai iya zuwa wurin. A zoben saikuloheksen babu wannan 'yancin. Hanya ɗaya ce tak ake samun 180°: Cl ya zama aksiyal, H na maƙwabcin kabon shi ma aksiyal, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Yanzu ɗauki biro ki zana mentil kulorayid a kujera. Metil a C1, Cl a C3, aisofurofil a C4. A kujerar da ya fi jin daɗi duka ukun ikwatoriyal ne. Cl ikwatoriyal kuwa abin da ke bayansa a 180° ba H ba ne, bond ɗin zoben ne kansa, saboda haka a wannan zaman babu E2 sam. Dole zoben ya kife, kuma in ya kife duka ukun sun koma aksiyal. Sai ki duba C4. Wa ke zaune a gurbin aksiyal? Aisofurofil. H ɗin C4 ya koma ikwatoriyal, ba ya kan layi da Cl. Ki duba C2 kuma, CH2 ne, yana da H aksiyal guda a daidai inda ake so. Shi kaɗai ne ɗan takara. To ko bes ɗin ƙarami ne ko ƙato, ba shi da zaɓi, 2-mentin zai ba ki.

Ummi_Kem200:
Malam na gode, na zana yanzu kuma na gani, wallahi H ɗin C4 yana kwance a gefe. Amma ga abin da ya sake ɗaure min kai, in kujerar da duka ukun suke aksiyal ba ta da daɗi haka, ai kusan babu molekul ɗin da ke zaune a cikinta, to ta ina riyakshon ɗin ke tafiya?

Malam_Tijjani:
Yana tafiya, a hankali dai. Zoben ba ya daina kifewa, a zafin ɗaki sau dubbai yake yi a daƙiƙa, sai dai a kowane lokaci 'yan kaɗan ne ƙwarai ke cikin wancan zaman, kuma su kaɗai bes ke iya kamawa. An kama waɗannan, wasu su kife su maye gurbinsu. Shi ya sa ɗan'uwansa neomentil kulorayid yake fin shi sauri kamar sau 200. Bambancinsu kawai Cl ɗin ne ya sauya fuska. A neomentil kujera mai daɗin ta riga ta ajiye Cl a aksiyal, metil da aisofurofil suna ikwatoriyal abinsu, to H ɗin C4 aksiyal ne, na C2 ma akwai. 'Yan takara biyu kenan, a nan ne dokarki take samun bakin magana, kuma da etoksayid ana samun kamar 75% na 3-mentin da 25% na 2-mentin. Amsar da kika rubuta a tes daidai take, amma ta neomentil ce.

Sadiq_Mol:
To na janye maganata. Amma ni gaskiya zanen kujera yana ci min lokaci a jarrabawa. Ba zai wadatar ba in duba zanen fili kawai, in Cl yana kan weji sai in nemi H da ke kan dash a maƙwabci? In akwai an cire, in babu an haƙura.

Zee_Organik:
@Sadiq_Mol wannan dabarar ni ma da ita nake aiki kuma tana fitar da wurin dabul bond daidai, a mentil Cl da aisofurofil suna fuska daban daban to H ɗin C4 yana fuska ɗaya da Cl kenan, an cire shi daga lissafi. Amma in aka tambaye ka wanne ya fi sauri za ta yaudare ka. Abu biyu suna iya kasancewa ɗaya sama ɗaya ƙasa amma duka ikwatoriyal, kusurwarsu 60° ce ba 180° ba. Gwada 1-buromo-4-tat-butil saikuloheksen, cis da trans duk suna da H a fuskar da kake nema kuma alkin ɗaya suke bayarwa, amma tat-butil ya kafe a ikwatoriyal ba ya yarda a kife shi, to a cis Br yana aksiyal yana shirye, a trans yana ikwatoriyal. Cis ɗin ya fi sauri nesa ba kusa ba kuma zanen fili ba zai taɓa nuna maka dalili ba.

Bash_Titration:
Ni tambayata daban ce a gafarce ni. Wannan maganar ta KOtBu yana ba da Hofmann, har nawa ne? Don yadda ake faɗa mana kamar ɗari bisa ɗari ne.

Hauwa_Lab:
Ko kusa. Misalin da aka fi kawowa shi ne CH3CH2C(Br)(CH3)2, aikin H. C. Brown ne a shekarun 1950. Alkin biyu ne za su iya fitowa, CH3CH=C(CH3)2 mai rassa uku da CH2=C(CH3)CH2CH3 mai rassa biyu. Da etoksayid kamar 70 da 30 ne, mai rassa ukun a gaba. Da tat-butoksayid ya juye ya koma kamar 28 da 72. In aka ƙara girman bes ɗin zuwa Et3CO⁻ na bakin sarƙar yana haura 88%. Kullum cakuɗe ne, rinjaye kawai ke sauya hannu.

Malam_Tijjani:
Tunda Hauwa ta kawo alkaluman bari in nuna muku wani abu da nake so ƙwarai a cikinsu, wanda ba kasafai ake tsayawa a kai ba. Ku ƙirga haidurojin ɗin. Metil biyu, H shida kenan da ke kaiwa ga Hofmann. CH2 ɗaya, H biyu kacal da ke kaiwa ga Zaitsev. Da a ce bes makaho ne yana cafkar duk wanda ya samu, da 75 da 25 za a samu, Hofmann a gaba. To ku raba. Da etoksayid 70 a kan H biyu, 35 kowanne, 30 a kan H shida, 5 kowanne. Wato etoksayid ya fi son H na ciki sau bakwai. Da tat-butoksayid fa? 28 a kan biyu 14 ne, 72 a kan shida 12 ne. Kusan kunnen doki! Ma'ana tat-butoksayid a wannan misalin bai ma fifita H na waje ba, abin da ya yi kawai ya goge fifikon da na ciki ke da shi, sai yawa ya yi aikinsa. Sai an je ga Et3CO⁻ ne za ka ga na wajen ya yi gaba da gaske, kamar 15 da 6.

Bash_Titration:
Kai, wannan lissafin ban taɓa ganinsa ba. To kenan in H na waje ba su da yawa abin ba zai juye sosai ba?

Hauwa_Lab:
Haka ne, a 2-buromobuten mara dabul bond ina nufin CH3CHBrCH2CH3, H uku ne da biyu kuma wurin ba cunkoso sosai, KOtBu kusan raba daidai yake yi, na bakin sarƙar ya ɗan haura rabi kaɗan. A jarrabawa dai za ka rubuta Hofmann a ba ka makinka amma in a kwalba ne ka san rabin kayanka wani abu ne daban.

Injiniya_Kabir:
Ni fa ina ganin ana wahalar da abin ne. Alkin mai rassa da yawa ya fi kwanciyar hankali, riyakshon kuma yana gangarawa inda enaji ya fi ƙasa. Ba shi kenan ba? In ka bar shi ya daɗe a wuta ai duk zai koma Zaitsev.

Zee_Organik:
Rabin farko eh rabin ƙarshe a'a Injiniya. Alkin ɗin da ya fito ba ya komawa, bes ya riga ya cinye HBr ɗin, to ko kwana ka yi kana dafawa da etoksayid rabon ba zai gyaru ba. Tsere ne, wanda hanyarsa ta fi sauƙin hawa shi ke yawa. Kwanciyar hankalin alkin tana shigowa ne don a ƙololuwar hanyar dabul bond ɗin ya fara haɗuwa rabi da rabi, to wani ɓangare na ribar ne kawai ake ci. Tsakanin alkin biyun da Hauwa ta kawo bambancin kamar 1.6 kcal/mol ne, da daidaito ake kaiwa da mai rassa uku ya kai wajen 90%, ba 70 ba. In kana so su koma sai dai ka sa asid.

Maryam_MSc:
Bari in ba ku nawa labarin tunda an zo kan kwalba. Mun yi wannan gwajin na CH3CH2C(Br)(CH3)2 da KOtBu a furaktikal, kowa yana jiran ya ga Hofmann ya yi rinjaye, ni nawa GC ya nuna kusan rabi da rabi, na zauna ina ta tunanin ko littafi ne ya yi ƙarya. Abu biyu muka gano daga baya. Na farko robar KOtBu ɗin an daɗe ana buɗe ta, maimakon farin gari mai zuba sai ya dunƙule ya yi ɗan rawaya rawaya, ya sha danshi, kuma in ya sha ruwa KOH da t-BuOH yake komawa, wato ƙaramin bes nake zubawa ban sani ba. Na biyu kuma laifina ne, ban nutsa kwalbar karɓa cikin ƙanƙara da kyau ba. Na Hofmann ɗin yana tafasa a wajen 31 °C, na Zaitsev a wajen 38 °C, to wanda nake nema shi ya fi saurin guduwa iska. Da aka buɗe sabuwar roba aka sanyaya komai har sirinjin da ake ɗiba da shi, sai rabon ya dawo kusa da na littafi. Har yau ban san wanne cikin biyun ya fi ɓata min sakamako ba don tare muka gyara su.

Bash_Titration:
@Maryam_MSc Anti in babu GC fa, NMR zai raba su?

Maryam_MSc:
Sosai ma. Na bakin sarƙa =CH2 ɗinsa yana fitowa wajen 4.7 ppm, mai rassa uku kuma =CH ɗinsa wajen 5.2 ppm. Amma ka kula, na 4.7 H biyu ne na 5.2 H ɗaya, sai ka raba na farkon biyu kafin ka kwatanta, na ga wanda ya manta ya ba da rahoton Hofmann fiye da yadda yake.

Dr_Asabe:
Na karanta duka, bayanin Malam Tijjani a kan mentil babu abin ƙarawa. Inda nake da ja shi ne yadda muke ta cewa girma, girma, kamar an gama magana. Tat-butoksayid ba ƙato kawai ba ne, ya kuma fi etoksayid ƙarfi, pKa na t-BuOH wajen 18 ne na etanol wajen 16, kuma sobent ɗin ma ya sauya, a t-BuOH ayon ɗin suna manne da K⁺ a dunƙule. Bes mai ƙarfi yana jan H tun kafin mai fita ya saki sosai, sai cajin negatif ya ɗan taru a kan kabon ɗin, kuma irin wannan cajin ya fi son kabon mai ƙarancin rassa. Wannan ma Hofmann yake kaiwa ba tare da an ambaci cunkoso ba. Brown ya tsaya a kan girma, su Ingold suka tsaya a kan tasirin ilektoron, an daɗe ana wannan jayayya.

Ga hujjar da nake ba ɗalibaina. A ɗauki 2-haloheksen da metoksayid, bes ɗaya ƙarami, a sauya mai fita kawai. Alkin na bakin sarƙa yana fitowa 19% da I, 28% da Br, 33% da Cl, sannan 70% da F. Fulorin shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, to ina cunkoson? Abin da ya faru C–F ne ba ya son tsinkewa, sai bes ya riga shi, H mafi asid ya tafi.

Malam_Tijjani:
Dakta ban musa miki na fulorin ba, wannan ba girma ba ne ko kaɗan. Amma daga tat-butoksayid zuwa Et3CO⁻ ƙarfin bai wani sauya sosai ba, rabon kuwa ya tashi daga 72 zuwa sama da 88. Wannan ni dai girma nake gani a ciki. Kuma na Hofmann na asali, gishirin amoniyam na 1851, NMe3⁺ ƙato ne kuma ba ya saurin fita, kowane ɓangare zai iya cewa nasa ne.

Dr_Asabe:
Na yarda duka biyun suna aiki Malam, abin da ban yarda ba shi ne a ce za a iya raba su tsaf a kowane misali, don da ka sauya alkoksayid ka sauya sobent ɗinsa ma. Ga ɗalibi mai tes dai ya rubuta girma, babu mai soke shi.

Abba_Nura07:
Ni yanzu na gane inda na ɓata, na gode Anti Hauwa. Amma in mentil ɗin aka ba shi KOtBu maimakon NaOEt wani abu zai sauya?

Zee_Organik:
Muddin E2 ce ta anti-ferifilana babu abin da zai sauya, H ɗaya ne a layi. A neomentil ne za ka sa ran 2-mentin ya ƙaru don H ɗin C4 yana maƙale kusa da aisofurofil.

Ummi_Kem200:
Afuwan na sake dawowa. Na ga wani tsohon kwesho inda mentil kulorayid ɗin dai aka dafa shi a etanol mai ruwa babu bes mai ƙarfi, kuma amsar ta nuna 3-mentin ne ya fi yawa. To ina maganar aksiyal ɗin ta tafi??

Hauwa_Lab:
Wannan E1 ce ƙanwata. Cl ya fita shi kaɗai tun farko ya bar kabokatayon a C3, kabon ɗin ya baje, babu sauran wani mai fita da H zai yi layi da shi. To H na C4 ya dawo takara, kuma 3-mentin yana fitowa kamar kashi biyu cikin uku na alkin ɗin. Abu ɗaya, sharaɗi daban, amsa ta juye. Shi ya sa in kin ga tambaya ki fara duba abin da ke kan kibiya, NaOEt mai kauri ne ko kuwa EtOH da zafi kawai. A kwalba ma haka ne, in ka yi E2 a kan mentil ka ga 3-mentin ya leƙo, H ɗaya a yankin alkin maimakon biyu, ka zargi bes ɗinka, ko ya yi tsarara ko ya lalace E1 ta samu ƙofa.

Sadiq_Mol:
To wai dole dole sai 180°? Na taɓa jin ana cewa akwai na 0° ma.

Malam_Tijjani:
Akwai, H da mai fita a fuska ɗaya a kan layi, obital ɗin suna iya haɗuwa a haka ma sai dai komai yana gogar juna kuma bes yana zuwa ta gefen da mai fita yake, ya fi tsada. Ana ganinsa a zobba masu tauri irin nobonil inda 180° ba ta samuwa amma 0° tana nan a shirye. Kujerar saikuloheksen kuwa 60° da 180° kawai take bayarwa, shi ya sa H ɗin C4 na mentil bai tsira ta wannan hanyar ba.

Injiniya_Kabir:
Har yanzu ni maganar Dakta ce ta tsaya min. In ƙarfi ne ba girma ba, ai sai a nemo ƙaramin bes mai ƙarfi sosai a gwada a kan buromayid ɗin nan na Brown a gani. Akwai wanda ya san an yi?

Dr_Asabe:
Matsalar ita ce ƙaramin bes mai ƙarfi yawanci sai ka sauya sobent kafin ka same shi, ka koma DMSO misali, kuma da ka yi haka ka sauya abu biyu a lokaci guda. Zan duba abin da nake da shi in dawo.

Ummi_Kem200:
Na sake zana duka biyun, mentil da neomentil, kowanne kujera biyu, na yi wa H aksiyal na C2 da C4 da'ira da jan biro. Akwai aisomentil da neoaisomentil a ƙasan shafin ma, su metil ɗin ne ya sauya fuska. A aisomentil na samu Cl da aisofurofil har yanzu fuska daban suke, to ina ganin 2-mentin ne kawai shi ma, sai dai in an kife shi metil ɗin yana komawa ikwatoriyal maimakon aksiyal, kenan ya kamata ya ɗan fi mentil sauri ko? Malam Tijjani a duba min don Allah kafin in ci gaba da na huɗun.